Sahur da buɗa-baki a ƙasar Katagum: ina ya kamata waken ya tafi?

Azumin 2024 ya kama ne ran 11 ga Maris, na 2025 kuma ran 1 ga Maris, don kowace shekara watan yana ja da baya da kwana goma ko sha ɗaya. Mutanen Azare da Katagum da Gamawa da Cinade sun san abin da wannan lokaci yake nufi. Ko dai bazara ta kankama zafin rana yana kaiwa maki 40, ko kuwa ƙarshen hunturu ne, iska busasshiya tana tsotse ruwan jiki ba tare da mutum ya ga gumi ba. Daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana awa goma sha uku ne da 'yan mintuna. Abin da ya rage na ci da sha da asham da barci bai cika awa goma sha ɗaya ba, kuma a cikinsa ne jiki zai karɓi duk abin da zai yi aiki da shi gobe.

A yawancin gidajenmu matsalar ba ta rashin nau'in abinci ba ce. Ƙasar nan tana ba da gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi, fadamun kogin Jama'are suna ba da tumatir da albasa da alayyafo da rani, akwai kifi, akwai nonon Fulani. Inda ake kuskure shi ne wurin rabo. Duk ƙarfin gida ana tattara shi a kan faifan magariba, sahur kuma a bar shi da abin da ya saura, ko shayi da burodi. Ga shi kuwa sahur ne zai riƙe mutum awa goma sha uku, abincin magariba kuwa barci ne kawai ke bayansa.

Mu ɗauki misalin gida mai mutum bakwai: maigida mai sana'ar gini, uwargida, mahaifiyar maigida wadda ke shan maganin hawan jini, matasa biyu masu azumi, da ƙananan yara biyu da ba su fara ba. Kullum da azahar ana jiƙa wake gwangwani biyar, irin gwangwanin madara, a surfa, a kai inji, a soya ƙosai. Ana dama kunun tsamiya, a soya dankali ko doya da ƙwai, a haɗa zoɓo da ƙanƙara. Ana kiran salla kowa ya sa hannu. Kafin a idar da magariba ciki ya ɗauka, tuwon da aka tuƙa sai a taɓa kaɗan a rufe. Da asuba a dafa farar shinkafa da mai da yaji, ko a tafasa shayi. Maigida yana kan gini tun hantsi, kafin azahar gwiwa ta yi sanyi, kai yana sara. Sai a ce zafin bana ne. Zafi yana da nasa laifin, amma shinkafar asuba ma tana da nata.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Duk abinci mai sitaci, ko gero ne ko shinkafa ko burodi, jiki yana mayar da shi sukari ya shiga jini. Wanda ba a buƙata nan take hanta da tsoka suna ajiye shi, hanta ta riƙa sakin nata kaɗan-kaɗan yayin da mutum ba ya cin komai. Bambancin abinci da abinci shi ne saurin da yake barin tumbi. Burodi da farar shinkafa da shayi mai sukari suna wucewa da wuri, sukarin jini ya hau da sauri ya sauko da sauri, tumbi ya zama wayam tun rana ba ta take ba. Wake da tuwo mai tauri da hatsin da ba a cire masa dusa duka ba suna jimawa. An gwada wannan a Bamako ta ƙasar Mali, a wani bincike da aka wallafa a 2018: tuwon gero da tuwon dawa da dambun gero sun ɗauki kusan ninki biyu na lokacin da shinkafa da dankalin Turawa da taliya suka ɗauka kafin su bar tumbi. Kakanninmu da suke sahur da ɗumamen tuwo ba su karanta binciken ba, amma manomi ya daɗe da sanin abin da ke kai shi la'asar a gona.

Saboda haka gyara na farko a gidan nan bai buƙatar ko kwabo. Waken nan gwangwani biyar a raba shi biyu: gwangwani biyu su tafi ƙosai, uku a ajiye wa sahur. Gwangwani biyu za su ba kowa ƙosai uku ko huɗu, kuma wannan ya isa buɗe baki. Gwangwani ɗaya na busasshen wake yana kai kimanin giram 130, a cikinsa akwai furotin, wato sinadarin gina jiki, wajen giram 30. Idan masu azumi biyar suka raba gwangwani uku, kowa ya tashi da kimanin giram 18. A haɗa da na tuwo ko shinkafar da aka ci tare da shi, da kofi ɗaya na kindirmo mai ba da giram shida ko bakwai, mutum ya haura giram 30 kafin kiran assalatu. Babban mutum mai nauyin kilo 60 yana buƙatar kimanin giram 50 a yini, mai aikin ƙarfi kamar maigidan nan ya fi haka. To ka ga an samu fiye da rabi tun da asuba, ba tare da an sayi nama ba. Akwai kuma wata riba: furotin ɗin hatsi yana da giɓi, na wake ma yana da nasa, amma giɓin wannan ba shi ne na wancan ba, idan aka haɗa su sai su cike wa juna. Wannan ne ya sa garau-garau ya fi farar shinkafa nesa ba kusa ba, ko da shinkafar iri ɗaya ce.

Na san abin da uwargida za ta ce, kuma da gaskiyarta: wa zai tashi ƙarfe uku na dare ya tsaya kan tukunyar wake, ga tsadar gawayi da icce? Dabarar ita ce jiƙo. Bayan an dawo daga asham a tsince waken, a wanke shi sosai, a jiƙa a ruwa mai yawa. Da asuba a zubar da ruwan jiƙon a sa sabo. Waken da ya kwana a ruwa yana nuna da wuri, kuma wani sashe na abin da ke kumbura ciki yana tafiya da ruwan da aka zubar. Wannan ya fi a loda masa kanwa. Kanwa tana nunar da wake da sauri, amma tana lalata wani sashe na bitamin ɗin da ke cikinsa, kuma gishiri ce a wata kama, tana jawo ƙishi, ba ta kuma yi wa Hajiya mai hawan jini daɗi. Ranar da ba a samu yin jiƙo ba, ɗanwake yana ceto, don minti goma sha biyar sun isa, in dai garin na wake ne da gaske, ba fulawa da garin rogo da aka nuna wa wake daga nesa ba. A ci shi da tumatir da albasa da dafaffen ƙwai in akwai, a sassauta yaji.

Sahur ɗin gidan nan zai iya juyawa tsakanin abu uku ko huɗu ba a gaji ba. Yau faten wake da alayyafo da ɗan busasshen kifi, gobe garau-garau da kwaɗon zogale, jibi ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka wadda aka daka wa wake da daddawa da kan tarwaɗa, wata rana burabusko da miyar taushe mai gyaɗa. Fura da nono sahur ce mai kyau, gero ne da madara, sai dai ita kaɗai ba ta riƙe mai ɗaukar bulo, kuma sukarin da ake zuba mata yakan rage mata daraja. A sha ta a bayan abinci mai tauri, a tabbata nonon daga madarar da aka tafasa aka yi shi. Man da za a zuba a sahur ba abin gudu ba ne: cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja a kwanon mutum yana ƙara jinkirta narkewar abinci. Abin gudu shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗano da muke jefawa huɗu-huɗu a tukunya kusan rabinsa gishiri ne. Taliyar leda da ake dafa wa samari da asuba ta haɗa aibi biyu: tana wucewa da sauri, garin ɗanɗanonta kuma yana bar wa yaro ƙishi tun hantsi.

Ɗumame yana da sharaɗi a wannan yanayi. Abincin da aka sauke ƙarfe bakwai na dare, zai kai ƙarfe huɗu da rabi a ɗakin da bai huce ba, ga wuta ba tabbas balle a dogara da firji. Tuwo da miya suna jurewa idan an sake tafasa miyar kafin kwanciya, da asuba kuma aka ɗumama har tururi ya ratsa tsakiyar malmala. Dafaffiyar shinkafa ba haka take ba. Akwai wata ƙwayar cuta da ke tsira daga dahuwa, ta hayayyafa a shinkafar da ta kwana da ɗumi, ta bar dafin da sake ɗumamawa ba ya kashewa. Alamarta amai ne awa ɗaya zuwa biyar bayan ci, kuma wanda ya fara yini da amai ya rasa ruwan da zai yi azumin da shi. Shinkafar sahur a dafa ta da asuba. Alala da dafaffen wake su ma ba sa son kwana a zafi. In sun fara yauƙi ko tsami, a haƙura da su.

Sai batun ruwa, wanda a ƙasar Katagum ya fi yunwa wahalar da mai azumi. Al'adarmu ita ce a ɗaga kwanon sha minti biyar kafin kiran salla a yi ta ɗurawa har ciki ya yi ƙara. Jiki ba randa ba ne. Ƙoda tana ganin ruwa ya yi yawa a jini sai ta fitar da rarar, shi ya sa mai wannan ɗuri yake zarya bayan gida kafin fitowar rana, ƙarfe goma kuma maƙogwaro ya bushe. Ruwan da aka sha kaɗan-kaɗan, musamman tare da abinci, shi ne ke zama. Ledar ruwan sayarwa rabin lita ce, sai mu auna da ita ko da na rijiya ko na famfo ake sha: ɗaya lokacin buɗa-baki, ɗaya tsakanin magariba da isha'i, ɗaya bayan asham, ɗaya kafin barci, ɗaya tare da sahur. Lita biyu da rabi ke nan, ban da kunu da miya. Maigida mai aiki a rana ya ƙara ɗaya ko biyu. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: fitsarin asuba in ya fito fari-fari ko ruwan ɗorawa mai haske, an sha isasshe, in ya fito ja-ja kuma kaɗan, akwai bashin ruwan jiya. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon ƙoda ko na zuciya, wannan lissafi ba nasa ba ne.

Yanzu mu dawo faifan magariba. Sunna ta koyar da gaggauta buɗa-baki da dabino ko ruwa, da jinkirta sahur, kuma duka biyun sun dace da abin da jiki ke so. Dabino uku suna mayar da sukarin jini daidai cikin ɗan lokaci. Abin da ke biyo bayansu ne ke ɓata lissafi. A ƙirga na matashi ɗaya a gidan nan: cokali uku na sukari a kofin kunu, kofi biyu na zoɓo kowane da cokali huɗu, cokali uku a shayin dare. Cokali goma sha huɗu, kowane kimanin giram 4, jimla giram 56. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa babban mutum wajen giram 50 ce, wato cokali goma sha biyu, ta ce ma in an rage zuwa rabin haka ya fi. In ya ƙara da lemon kwalba mai rabin lita, wannan shi kaɗai ya cinye kason yini guda. Ba a ce a sha kunu salam ba. A zaɓi abu ɗaya mai zaƙi a dare, ko kunu ko zoɓo, kuma uwargida ta sa sukarin tun a tukunya gwargwado, maimakon a ajiye gwangwanin a tsakiyar tabarma kowa ya ɗiba da ido rufe. Kunun gyaɗa, in gida zai iya, ya fi na tsamiya riƙe ciki saboda man gyaɗar da furotin ɗinta. Sai dai a tsince gyaɗar, a zubar da duk ƙwayar da ta yi fumfuna ko ɗaci, don dafin da ke cikinta hanta yake ci kuma dahuwa ba ta kashe shi.

Soye-soye ma ɗaya ya isa. Ƙosai, dankali, doya, fanke, awara, duk a faifai guda, mai ne kan mai a tumbin da ya yini babu komai. Maiƙo yana daɗewa kafin ya wuce, yana kuma sassauta bakin tumbi, shi ya sa mutum yake jin ƙwarnafi da zafin ƙirji yana ruku'u da sujada a asham. Ranar ƙosai a dafa dankalin, ranar soyayyen dankali a yi alala.

Tsarin da ya fi dacewa shi ne a raba cin dare gida biyu. Zaman farko ɗan kaɗan: dabino, ruwa, kofin kunu, ƙosai uku ko huɗu, yankan kankana. A tashi a yi magariba. Wannan tazarar minti ashirin tana ba jiki damar sanar da ƙwaƙwalwa cewa abinci ya iso, sai haɗamar farko ta kwanta. Zama na biyu, ko kafin isha'i ko bayan asham, shi ne ainihin abincin dare, kuma nan ne ganye ya kamata ya samu wuri. A duba kwanon: tuwo malmala ɗaya, miya mai kauri da ganye, kifi ko nama gwargwadon hali, da kwaɗo ko salak a gefe. Ana so babban mutum ya ci giram 400 na ganye da kayan marmari a yini. Da jin adadin sai a ɗauka na masu kuɗi ne, amma babban yankan kankana ɗaya, da tumatir biyu, da cikin hannu biyu na dafaffen zogale ko rama, da gurji ko karas ɗaya, sun kai ko sun kusa. Kankana da gurji fiye da kashi 90 cikin ɗari ruwa ne, don haka ci ne da sha a lokaci guda. Ganyen nan da wake da ruwa su ne maganin taurin bayan gida da ke damun mutane daga mako na biyu na azumi. Wanda ya kwana uku bai zaga ba, ya duba kwanonsa kafin ya nemi kantin magani.

Shayi yana da nasa lokacin. Ganyen shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, wanda shi ne ke gina jini, yayin da lemon tsami da tumatir ɗanye ke taimaka wa tsotsarsa. Uwargida da 'yarta budurwa su ne suka fi buƙatar wannan sinadari. A bar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi, a matsa lemon tsami a kwaɗo. Mai shan shayi mai kauri bayan ƙarfe goma kuma ya sani yana cin bashin barcin da dama bai isa ba.

Yaran nan biyu da ba sa azumi su ne aka fi mantawa da su. Murhu yana mutuwa daga asuba zuwa azahar, sai a ba su naira kaɗan su sayi alewa da biskit, su jira magariba tare da manya. Cikin yaro ƙarami ne, ba ya iya ɗaukar abincin yini a zama ɗaya. Tun wurin sahur a ɗebe musu nasu faten waken a rufe don karin kumallo, da rana a dafa musu wani abu mai sauƙi, ko dankali da ƙuli-ƙuli ne.

Hajiya kuwa, batunta ya wuce kwano. Wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, kuma shansu da asuba a zafin Azare kan jawo jiri da faɗuwa. Ba ita za ta canja lokacin sha da kanta ba, ba kuma maƙwabciya ba. A kai ta asibiti kafin watan ya kama, likita ya tsara. Azare na da babban asibitin tarayya, garuruwan kewaye kuma akwai asibitocin gwamnati. Zoɓo yana ɗan saukar da hawan jini, don haka kada ta mayar da shi ruwan sha a kan magani. Mai ciwon sukari ya fi kowa buƙatar wannan ganawa, musamman mai allurar insulin ko ƙwayoyin da ke saukar da sukari da ƙarfi. Ƙa'idar da likitocin ciwon sukari suka tsayar game da azumi ita ce: idan na'urar awo ta nuna ƙasa da 70 mg/dL, ko sama da 300 mg/dL, a karya azumin nan take, ko da saura minti goma a sha ruwa. Haka nan in rawar jiki da gumi mai sanyi da ruɗewa suka zo. Masu ciki da masu shayarwa da marasa lafiya shari'a ta yi musu rangwame, malamin unguwa zai bayyana hukuncin ramuwa ko ciyarwa. A kwanon mai ciwon sukari, dabino ɗaya ko biyu sun isa, kunu rabin kofi ba sukari, kason wakensa da ganyensa a ƙara, malmalar tuwonsa a rage, kuma kada ya tsallake sahur ko da bai ji yunwa ba.